Gayyatar Taro Zuwa Ƙasashen Waje: Yadda Ake Juya Lokaci, Kwanan Wata da Ma'auni

Sababbin masu fassara kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe idan aka ba su takardar gayyatar taro. Sai su zuba ƙoƙarinsu a kan gaisuwa da jerin abubuwan da za a tattauna, Hausa ta fito sumul, amma lambobin su kwafe su yadda suka gan su. A zatonsu lamba ba ta da yare. Alhali a takardar gayyata lambobin su ne ainihin saƙon. Mutum zai yafe maka jimlar da ba ta yi daɗi ba, amma idan ya shiga taro ya tarar ana sallama, ko ya kawo rahotonsa bayan an rufe karɓa, fassararka ta cuce shi. Shi ya sa na rubuta wannan jagora, kuma gayyata guda ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe.

A ce wani ofishi a New York yana gudanar da aikin gwajin iri tare da abokan aiki a Kano, Maraɗi, Kumasi, Gadarif ta Sudan, da kuma Landan. An turo maka wannan ka fassara musu:

```
Project review call
Tuesday 03/10/2026, 9:30–11:00 AM EST
Send reports by Friday 03/06, 11:59 PM ET
Agenda: 5-acre trial plots; 50 lb seed bags,
1,250 lb total; store below 50°F
```

Layi biyar ne kawai, amma in ka cire na farko, kowanne yana da tarko.

Abin da za ka tanada

Kana bukatar kalandar shekarar da za a yi taron, wadda ke nuna ranakun mako. Kana bukatar sunayen garuruwan da masu karɓar gayyatar suke zaune a lokacin taron, domin ɗan Kano da ya tafi Umara agogon Makka zai duba. Sai takarda da biro na lissafi, da manhajar kalanda ta waya ko kwamfuta wadda ke barin ka zaɓi gari da rana. Na ƙarshe, wanda sababbin hannu suka fi raina shi, shi ne hanyar da za ka iya tuntuɓar wanda ya rubuta gayyatar.

Agogon duniya da ke cikin wayarka yana da amfani, amma ka san iyakarsa: bambancin lokaci na yau yake nuna maka, ba na ranar taron ba. Za mu ga inda wannan ke jawo matsala.

1. Fara tabbatar da ranar

Kada ka taɓa lissafin awa kafin ka san ranar, domin ranar ce ke faɗa maka bambancin awannin. A Amurka wata ake fara rubutawa, sannan rana, sannan shekara. A Najeriya, Nijar, Gana, Birtaniya da Faransa rana ce ke gaba. Don haka 03/10/2026 a idon ɗan New York 10 ga Maris ce, a idon ɗan Maraɗi kuwa 3 ga Oktoba ce. Tsakaninsu kusan wata bakwai.

Hujja ta farko ita ce inda takardar ta fito. Ta biyu ita ce ranar mako. Buɗe kalandar 2026: 10 ga Maris Talata ce, 3 ga Oktoba kuwa Asabar ce. Gayyatar ta ce Talata, magana ta ƙare. Haka 03/06: 6 ga Maris Juma'a ce, 3 ga Yuni Laraba ce, saboda haka 6 ga Maris ake nufi.

Sai dai ranar mako ba kullum take raba gardama ba. Da an rubuta 03/12/2026, da 12 ga Maris da 3 ga Disamba duk Alhamis suke faɗowa. A irin wannan hali, ko idan ba a ambaci ranar mako ba sam, tambaya za ka yi. Kada ka dogara da cewa ofishin na Amurka ne, domin mai yiwuwa wanda ya buga takardar baƙo ne da ya tashi da ɗaya tsarin.

Idan ka tabbatar, rubuta sunan watan da haruffa tare da ranar mako: Talata, 10 ga Maris, 2026. Wannan ba mai karanta shi ta fuska biyu. Idan dole sai an sa lambobi zalla, kamar a sunan fayil, yi amfani da tsarin ISO 8601 mai fara shekara, sannan wata, sannan rana: 2026-03-10.

2. Gano agogon da mai gayyata yake nufi, ba wanda ya rubuta ba

Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan ne na fi son ka tsaya ka fahimta.

Duk agogunan duniya da ma'auni ɗaya ake auna su, wato UTC. Najeriya, Nijar, Cadi da Kamaru suna gaba da shi da awa ɗaya duk shekara. Gana tana daidai da shi. Sudan tana gaba da awa biyu tun Nuwamban 2017, kafin nan uku ne. Saudiyya tana gaba da awa uku. Dukkan waɗannan ba sa taɓa agogonsu daga Janairu zuwa Disamba, abin da ya sa mu mutanen wannan yanki muke saurin mantawa cewa wasu suna taɓa nasu.

A yawancin Amurka, tun 2007, ana tura agogo gaba da awa ɗaya ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, a mayar da shi ranar Lahadi ta farko a Nuwamba. A 2026 ranakun su ne 8 ga Maris da 1 ga Nuwamba. Lokacin sanyi New York tana bayan UTC da awa biyar, ana kiran wannan EST. Bayan an tura agogo tana baya da awa huɗu, sunansa ya koma EDT.

To duba gayyatarmu. Taron na 10 ga Maris ne, kwana biyu bayan sauyin, amma an rubuta EST. Mutane da yawa a can haka suke rubutawa rani da damina, abin da suke nufi kawai shi ne abin da agogon bangon ofishinsu ke nunawa. Idan ka bi haruffan ido rufe, 9:30 da awa biyar ya ba ka 14:30 a UTC, wato 3:30 na yamma a Kano. Idan ka bi agogon New York na wannan rana, 9:30 da awa huɗu ya ba ka 13:30 a UTC, wato 2:30 na rana a Kano. Wanda ka faɗa wa 3:30 zai shiga saura minti talatin a tashi.

Kusan ko da yaushe agogon garin ake nufi. Amma tun da rubutun da kalanda sun saɓa, ba kai ne za ka yanke hukunci ba. Aika tambaya gajeriya wadda amsarta e ce ko a'a: «Ƙarfe 9:30 a agogon New York na wannan rana, wato 13:30 UTC, haka ne?» Tambaya irin wannan ana amsa ta da wuri, domin ka riga ka yi wa mutumin lissafin.

Yanzu ka ga dalilin gargaɗina game da agogon waya. Idan ranar 2 ga Maris kake fassarar, waya za ta nuna maka Kano tana gaba da New York da awa shida, kuma gaskiya ta faɗa. Amma ranar taron bambancin awa biyar ne. Hanyar da ta fi aminci ita ce ka buɗe manhajar kalanda, ka ƙirƙiri taro a ranar 10 ga Maris, ka zaɓi garin New York, sannan ka ga abin da ya koma a agogonka. Gari za ka zaɓa, kada ka zaɓi haruffa, domin manhajar ta san ranakun sauyin kowane gari.

Haruffan nan ma a kansu ba abin amincewa ba ne. CST yana iya zama lokacin tsakiyar Amurka, awa shida bayan UTC, yana kuma iya zama lokacin Sin, awa takwas gabansa. IST na Indiya ne, na Isra'ila ne, na Ireland ne. Kada ka bar su a fassararka ba tare da sunan gari ba.

3. Bi ta UTC, gari bayan gari

Kada ka yi tsalle daga New York kai tsaye zuwa kowane gari, domin hakan na nufin riƙe bambanci biyar a ka, kuma ɗaya zai suɓuce. Mayar da lokacin zuwa UTC sau ɗaya, ka rubuta shi da tsarin awa ashirin da huɗu, sannan ka ƙara wa kowane gari nasa. Taronmu daga 13:30 zuwa 15:00 ne a UTC.

Kumasi ba a ƙara komai: 1:30 zuwa 3:00 na rana. Kano da Maraɗi a ƙara ɗaya: 2:30 na rana zuwa 4:00 na yamma. Gadarif a ƙara biyu: 3:30 zuwa 5:00 na yamma.

Landan ce ke bukatar ka sake buɗe kalanda. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai su ma suna tura agogo, amma ba rana ɗaya da Amurka ba. Nasu ranar Lahadin ƙarshe ta Maris ce, su dawo ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, wato 29 ga Maris da 25 ga Oktoba a 2026. Ranar 10 ga Maris Landan ba ta sauya ba tukuna, tana daidai da UTC, don haka 1:30 zuwa 3:00 na rana ne, kamar Kumasi. Makonni ukun nan tsakanin 8 da 29 ga Maris, da mako guda tsakanin 25 ga Oktoba da 1 ga Nuwamba, su ne lokacin da har tsofaffin hannu ke ruɗewa, domin bambancin da suka haddace tsakanin Landan da New York, awa biyar, ya ragu zuwa huɗu.

Idan taron na kowane mako ne, lissafi ɗaya bai isa ba. Taron da aka ɗaure da agogon New York zai zauna a 2:30 na Kano har ƙarshen Oktoba, daga Nuwamba ya koma 3:30. Mutumin Landan kuwa daga 29 ga Maris nasa zai tashi daga 1:30 ya koma 2:30. Rubuta wannan a cikin gayyatar tun yanzu, da ranar da sauyin zai fara.

Wani abu da ba aikinka ba ne ka canza, amma ya kamata ka faɗa: 10 ga Maris 2026 cikin watan azumi take. Taron zai tashi a Kano lokacin La'asar, a Sudan kuma ana shirin shan ruwa. Mai gayyata a New York ba lallai ya lura ba. Layi ɗaya daga gare ka na iya sa ya matso da taron baya da awa guda.

4. Lura da inda rana ke ketarawa

Koma kan wa'adin rahoto: Juma'a 6 ga Maris, 11:59 na dare a New York. Wannan kafin sauyin agogo ne, don haka awa biyar za ka ƙara, ba huɗu ba. Takarda ɗaya, gari ɗaya, bambanci biyu. Ya zama 04:59 a UTC, kuma rana ta riga ta juya zuwa Asabar 7 ga Maris. A Kano da Maraɗi 5:59 na asubahin Asabar ke nan, a Kumasi da Landan 4:59, a Gadarif 6:59 na safe. Wanda ya juya awa ya bar ranar, zai rubuta «Juma'a, 5:59 na asuba», ya kwashe wa abokan aikinsa kwana ɗaya cur daga lokacin da aka ba su.

Ka kuma kiyayi «daren Juma'a». Ga mutane da yawa a ƙasar Hausa, daren Juma'a shi ne daren da ya biyo bayan faɗuwar ranar Alhamis, domin a lissafin Musulunci dare ne ke gabatar yini. Wasu kuma, musamman 'yan boko, daren da ya biyo yinin Juma'a suke nufi. Idan lokacin ya faɗa cikin dare, ambaci ranakun biyu: ranar Juma'a da dare, wayewar garin Asabar. Haka nan 12:00 AM tsakar dare ne, farkon sabuwar rana, 12:00 PM kuma tsakar rana. Su ma masu harshen suna rikita su, don haka idan ka ga taro an sa shi 12:00 AM, tambaya kafin ka fassara.

5. Ma'auni

A nan ƙa'idata biyu ce. Juya zuwa ma'aunin da mai karatu ke aiki da shi, sannan ka bar adadin asali kusa da shi, domin a wurin taron mai gayyata nasa adadin zai riƙa faɗa, kuma mutuminka yana bukatar ya gane shi idan ya ji.

Fili: eka ɗaya hekta 0.4047 ce, don haka eka 5 hekta 2.02 ce, ka ce kimanin hekta biyu. Guji «kadada» a irin wannan takarda, domin wasu eka suke nufi da ita, wasu hekta, kuma hekta ta kusa eka biyu da rabi.

Nauyi: lb laba ce, laba ɗaya kuma kilo 0.4536. Buhu mai laba 50 kilo 22.7 ne. Wannan shi ne wurin da ya fi haɗari a gayyatarmu, domin duk wanda ya saba da buhun taki, da ya ga 50 kusa da buhu kilo hamsin zai gani a ransa, ya tanadi mota da rumbu na ninki biyu, ko ya lissafa irin da zai shuka a kan abin da ba zai zo ba. Jimillar laba 1,250 kilo 567 ce. Gwada lissafinka: 1,250 a raba da 50 buhu 25 ne, buhu 25 sau 22.7 ya ba da kusan 567. Ya yi daidai.

Waƙafin da ke cikin 1,250 shi ma abin lura ne. A tsarin Ingilishi dubbai yake rabawa. Wanda ya yi karatu da Faransanci, kamar abokin aikinmu na Maraɗi, waƙafi a wurinsa alamar gutsure ce, 1,250 ɗaya da kwata ke nan, 22.7 kuma 22,7 zai rubuta shi. Idan takardar za ta je ɓangarorin biyu, cire waƙafin dubbai ka rubuta 1250, adadi mai muhimmanci kuma ka maimaita shi da kalmomi.

Zafi: daga Faranhait zuwa Salshiyos, cire 32, ka ninka da 5, ka raba da 9. Digiri 50 ya koma 10. A Kano cikin Maris, digiri 10 na nufin ɗakin sanyi ko firji. Wanda ya karanta «ƙasa da digiri 50» zai ajiye irin a shago mai rufin kwano yana ganin ya cika sharaɗi. Amma idan ƙari ko ragin zafi ake magana, kamar a ce kada ya hau da fiye da digiri 9 na Faranhait, ba a cire 32: ninkawa da 5 da rabawa da 9 kawai ake yi, ya ba da digiri 5.

Wajen taƙaita adadi, dubi aikin da zai yi. Kimanin hekta biyu ya wadatar a jerin abubuwan tattaunawa. Idan iyaka ce da ba a son a wuce, taƙaita ta ɓangaren da ba zai karya iyakar ba: laba 50 a matsayin iyakar nauyi kilo 22.6 za ka rubuta, ba 23 ba. Galan da tan kuwa sai ka san na wace ƙasa ne. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Birtaniya lita 4.546. Tan na Amurka kilo 907 ne, wanda muke amfani da shi kilo 1000.

Kuɗi kada ka juya su sai an nema, domin farashin canji na motsi kullum. Ka dai cika sunansu. A kasuwar Maraɗi ko Damagaram dala ɗaya sefa biyar ce, dala ɗari sefa ɗari biyar. Rubuta «dalar Amurka» a cike duk inda ta fito.

6. Haɗa takardar, ka bi ta baya

Ga yadda sashen lambobin zai fito bayan mai gayyata ya tabbatar:

Taron bitar aiki: Talata, 10 ga Maris, 2026, ƙarfe 9:30 zuwa 11:00 na safe agogon New York, wato 13:30 zuwa 15:00 UTC. Kumasi da Landan, 1:30 zuwa 3:00 na rana. Kano da Maraɗi, 2:30 na rana zuwa 4:00 na yamma. Gadarif, 3:30 zuwa 5:00 na yamma. Za a rufe karɓar rahoto ranar Juma'a 6 ga Maris, ƙarfe 11:59 na dare agogon New York, wanda ya yi daidai da Asabar 7 ga Maris, ƙarfe 4:59 na asuba a Kumasi da Landan, 5:59 a Kano da Maraɗi, 6:59 na safe a Gadarif.

Ka lura na ambaci sunan kowane gari, ban ce «agogon gida» ko «lokacinmu» ba. Gayyata tana yawo, wani zai tura wa wani a wata ƙasa, kuma «namu» zai koma nasa.

Kafin ka aika, ɗauki gari ɗaya ka yi lissafin a juye. Kano 2:30 na rana 14:30 ne, cire ɗaya ya zama 13:30 UTC, cire huɗu ya zama 9:30 a New York. Duba kuma cewa tsawon taron awa ɗaya da rabi ne a kowane gari, domin idan wani layi ya ba da awa biyu da rabi, ka juya ƙarshe ka manta farko. Idan gayyatar ta zo da fayil ɗin kalanda, buɗe shi ka ga lokacin da ya nuna a wayarka. In ya saɓa da naka, kada ka zaɓi ɗaya da ka, koma wurin mai gayyata.

Idan kuma lokaci ya ƙure amsarsa ba ta iso ba, aika fassarar da lissafin agogon New York na ranar, ka rubuta a samanta ƙarara cewa ana jiran tabbaci kan awa ɗaya, kuma za ka sanar da kowa da zarar ya zo.